Bawul ɗin maitiral da ya fara da yoyo ya koma tsukewa: nazarin lamarin wata mata a birnin Kano

Matar da wannan nazari ya shafa haifaffiyar cikin birnin Kano ce, tana ɗinki a gida, kuma na sakaya sunanta da unguwarsu. Na fara ganin ta a watan Janairun 2022, tana da shekara ashirin da shida da ciki na biyu. Abin da ya faru kafin nan na samo shi ne daga bakinta da bakin mahaifiyarta, da kuma wani tsohon katin asibiti da uwar ta adana cikin leda a ƙasan akwatinta shekara goma sha huɗu. Na zaɓi lamarinta ne domin bawul ɗaya a zuciyarta ya nuna lahani biyu a lokuta daban-daban, yoyo da tsukewa, har ya zama ana iya kwatanta su a jikin mutum guda.

Jinin da ya sha iska a huhu yana zubowa ne cikin ɗakin sama na hagu na zuciya, daga nan ya gangara ɗakin ƙasa na hagu, wanda shi ne mai ƙarfin da ke tura shi zuwa ga dukkan jiki. Tsakanin ɗakunan biyu akwai bawul mai marfi biyu da ake kira maitiral. Idan ɗakin ƙasa ya saki, bawul ɗin yana buɗewa jini ya shiga. Idan ya matsa, bawul ɗin yana rufewa don kada jinin ya koma inda ya fito. Faɗin ƙofar a jikin baligi mai lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Tsukewa ita ce bawul ya kasa buɗewa sosai, yoyo kuwa shi ne ya kasa rufewa sosai.

## 2008: zazzaɓin gaɓoɓi da ƙara ta farko

Tana da shekara goma sha biyu ta yi ciwon maƙogwaro mai tsanani, aka kai ta wurin wanzami ya cire mata belu, ba a ba ta wani maganin kashe ƙwayar cuta ba. Bayan kimanin mako uku zazzaɓi ya dawo, gwiwarta ta dama ta kumbura, da ta lafa sai idon sawun hagu ya ɗauka, sannan wuyan hannu. A gida an ce sanyi ne, sai da ta fara haki idan ta hau bene aka kai ta asibiti. Wannan shi ne zazzaɓin gaɓoɓi da ke biyo bayan kamuwar maƙogwaro da ƙwayar sitireftokokus ta rukunin A, inda garkuwar jiki, a wajen yaƙi da ƙwayar, takan far wa gaɓoɓi da bawulolin zuciya. Gaɓoɓin suna warkewa sarai, amma bawul yakan zauna da tabo.

Likitan da ya duba ta a lokacin ya rubuta abin da ya ji dalla-dalla, kuma ina yi masa addu'a duk lokacin da na buɗe katin. Ya ji ƙara mai tsinin sauti, irin hucin zugazugin maƙeri, a ƙasan nonon hagu inda tsinin zuciya yake bugawa. Ƙarar tana farawa tare da sauti na farko na bugun zuciya, ta ci gaba ba tare da ta ragu ba har sauti na biyu, kuma ana bin ta har cikin hammata. Sauti na farkon kansa ya yi sanyi.

Wannan shi ne hoton yoyo. Lokacin da ɗakin ƙasa ya matsa, matsin da ke cikinsa yana haura milimita 100 a ma'aunin zaiba, alhali na ɗakin sama bai wuce milimita 10 ko kusa da haka ba. Bambancin yana da girma tun farkon matsawar har ƙarshenta, saboda haka jinin da ke tserewa ta tsagar bawul ɗin yana fita da gudu ƙwarai, gudun ne ke ba ƙarar tsininta, kuma dawwamar bambancin ce ke sa ta cika lokacin matsawar gaba ɗaya. Tana tafiya hammata domin ɗakin sama yana baya ne, can kuma jinin ya nufa. Sauti na farko kuwa ƙarar rufewar bawul ɗin ce, marfin da bai haɗu da ɗan'uwansa sosai ba kuma ba ya yin ƙara mai ƙarfi.

Ba a yi mata hoton eko, wato hoton da ke nuna cikin zuciya tana bugawa, ba a lokacin saboda rashin kuɗi. An ba ta hutu da maganin kumburi, aka ɗora ta a kan allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, wato benzatin, awo miliyan 1.2 duk mako huɗu. Bayan shekara guda katin ya nuna ƙarar ta ragu sosai, abin da akan gani a yara idan kumburin ya lafa kuma zazzaɓin bai maimaita ba.

## 2011 zuwa 2021: shekarun da ba a ji komai ba

A 2011 aka daina allurar. Mahaifiyar ta ce mini: "Likita, yarinya ta warke, tana zuwa makaranta, allurar kuma ciwo gare ta, kwana biyu take yi tana ɗingishi. Babu wanda ya ce mana sai ta girma za a daina." Wanda zazzaɓin ya taɓa masa bawul ana so ya ci gaba da allurar har ya kai shekara arba'in, wani ma har ƙarshen rayuwa. Ta yi ciwon maƙogwaro sau da dama bayan haka, tare da ciwon gaɓoɓi aƙalla sau biyu da ta iya tunawa.

A irin waɗannan shekaru ne tabon ke aikinsa. Gefunan marfin biyu suna mannewa da juna daga kusurwa zuwa tsakiya, marafen su yi kauri, igiyoyin da ke riƙe da su daga ƙasa su gajarce, har ƙofar ta koma kamar bakin kifi. A ƙasashen da zazzaɓin ya yi ƙaranci tsukewar takan ɗauki shekara ashirin ko fiye kafin ta bayyana, amma inda yake maimaituwa a jikin yaro takan kai ga tsanani tun ana ashirin da 'yan kai. Ta yi aure a 2017, ta haihu a 2018. A cikin farko ta yi haki a watannin ƙarshe, aka ce nauyin ciki ne, kuma ta sauka lafiya.

## Janairun 2022: mako na ashirin da shida

Hakin ya fara ne tun a Disamba, ana tsakiyar hunturu, da tari cikin dare da ƙugi a ƙirji. A kemis aka ce asma ce ƙura ta tayar, aka ba ta salbutamol na shaƙa, da bai yi ba aka ƙara mata na haɗiya. A wani ƙaramin asibiti an sake tabbatar mata da asmar, aka yi mata turaren maganin sau biyu. Duk lokacin da ta sha sai gabanta ya riƙa dukan uku-uku, hakin ya ƙaru. Daren da aka kawo ta wurinmu a adaidaita sahu, ta kwana uku tana barci a zaune, kuma ta tofar da majina mai kumfa da jirwayen jini.

Bugun zuciyarta 118 ne a minti, a daidaice, hawan jini 100 bisa 65, ƙasan huhu biyu cike da ƙarar ruwa. Tsinin zuciyar yana mazauninsa, bai gusa ba, kuma a tafin hannu ana jin sa kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Sauti na farko yana da ƙarfi ƙwarai. A wannan gudun, ga fanka ga janareto, ban ji wata ƙara ba a karon farko. Sai da aka kashe fankar, na kwantar da ita a gefen hagu, na juya abin sauraren zuwa ɓangarensa mai kama da ƙoƙo na ɗora shi a hankali ba tare da dannawa ba, na ce ta fitar da numfashi ta ɗan riƙe, sannan na ji: bayan sauti na biyu akwai wani ɗan ƙas mai kaifi, daga shi sai rugugi mai zurfi kamar cida daga nesa, wanda ke ƙara ƙarfi dab da sauti na farko na gaba. Da na matsa da abin sauraren faɗin yatsa biyu zuwa hammata sai rugugin ya ɓace.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa. Rugugin yana zuwa ne a lokacin sakin ɗakin ƙasa, domin a lokacin ne jini ke kutsawa ta ƙofar da ta tsuke, kuma yana da zurfi saboda bambancin matsin da ke tura shi kaɗan ne, milimita goma ko ashirin, ba ɗari ba kamar na yoyo. Ɗan ƙas ɗin shi ne marafen da suka manne suna buɗewa su tsaya cak, kuma gwargwadon hawan matsi a ɗakin sama, gwargwadon kusantarsa da sauti na biyu. Nata yana manne da shi. Ƙaruwar rugugin a ƙarshe tana faruwa ne lokacin da ɗakin sama ya matsa don tura ragowar jini. Sauti na farko ya yi ƙarfi domin matsin ɗakin sama yana riƙe marafen a buɗe har zuwa ƙarshe, sai su rufe da ƙarfi daga nesa. Tsinin zuciya bai gusa ba domin ɗakin ƙasa ba shi da wani nauyi a kansa, jini ma bai ishe shi ba.

Eko ya nuna faɗin ƙofar murabba'in santimita 1.1, alhali duk abin da ya kai 1.5 ko ƙasa ana ɗaukar sa tsukewa mai tsanani. Matsakaicin bambancin matsi tsakanin ɗakunan biyu milimita 17 ne. Ɗakin sama ya kai santimita 4.8 a faɗi, na mai lafiya kuwa ba ya kai 4. Ɗakin ƙasa ƙarami ne, yana matsawa da kyau, yoyon da aka ji a 2008 kuma saura ɗan burbushi.

Lissafin da ya kawo ta wannan hali mai sauƙi ne. Zuciyar da ke bugawa sau 75 a minti tana da daƙiƙa 0.8 ga kowane bugu, kusan 0.5 daga ciki na cika ne. Idan ta kai 120, bugun gaba ɗaya daƙiƙa 0.5 ne, lokacin cika kuma ya koma kusan rabin na da, domin shi ne ke raguwa fiye da lokacin matsawa. Ciki yana ƙara yawan jinin jiki da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma yana ƙara saurin bugu. Ga ƙarin jini, ga ƙarancin lokaci, ga ƙofa ɗaya tsukakkiya. Kuma matsin da ake buƙata don tura jini ta ƙaramar ƙofa yana ninkuwa huɗu idan gudun jinin ya ninku biyu. Matsin sai ya taru a ɗakin sama, ya koma baya cikin jijiyoyin huhu da ba su da bawul, idan ya kai wajen milimita 25 ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhun. Ƙugin da aka ɗauka asma ce na wannan ruwan ne, salbutamol kuwa yana ƙara saurin zuciya.

Muka tsayar da salbutamol, muka ba ta iska da allurar furusemaid don rage ruwan, da huhun ya fara washewa muka fara metofurolol, maganin rage gudun zuciya, kaɗan-kaɗan muna ƙarawa. Jininta ya yi ƙasa, don haka aka haɗa da maganin ƙarin jini, tunda ƙarancinsa ma yana sa zuciya gudu. A rana ta shida bugun ya sauko 78, ta kwanta da matashi ɗaya, kuma da aka maimaita eko bambancin matsin ya koma milimita 9, alhali faɗin ƙofar yana nan 1.1 bai canza ba. Aka dawo da allurar fenisilin.

## Afrilu zuwa Yunin 2022: haihuwa, jego da rikicewar bugu

Ta haihu da kanta a tsakiyar Afrilu, cikin azumi, a mako na talatin da takwas, aka taimaka mata wajen fitar da kan yaron don kada ta daɗe tana nishi. Mun riƙe ta kwana biyar, domin da zarar mahaifa ta tsuke jinin da ke cikinta yana komawa jiki gaba ɗaya, kuma kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi haɗari ga mai tsukakken bawul. An wuce su da ƙarin furusemaid.

Ta tafi wankan jego gidan iyayenta. A can aka yi mata abin da aka saba, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da kunun kanwa, magungunan kuma ta daina su a mako na uku don tsoron kada su shiga nono. Zafin yana sa zuciya gudu, kanwar kuma gishirinta yana riƙe ruwa a jiki. A farkon Yuni ta koma haki, ƙafafu suka kumbura. A asibitin da aka fara kai ta an ce ciwon zuciyar masu jego ne, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa, aka ba ta maganin fitsari da na sassauta jijiyoyi, babu abin rage gudun zuciya. Jiri ya ƙaru, hakin bai ragu ba.

Da ta dawo wurinmu bugun ya rikice, babu tsari ko kaɗan, yana kai 140. Gwajin wutar zuciya ya tabbatar ɗakin sama ya daina matsawa, karkarwa kawai yake yi. Bangon da ya daɗe a miƙe ƙarƙashin matsi yana yin tabo, hanyoyin wutar da ke cikinsa su hargitse. Ga mai tsukakken bawul asarar biyu ce a lokaci guda: turawar ƙarshe da ɗakin ke yi ta tafi, lokacin cika kuma ya gajarce. Da digozin da metofurolol suka sauko da bugun, rugugin ya dawo kunne amma ƙaruwar nan ta ƙarshensa babu ita, tunda abin da ke haifar da ita ya tsaya.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata mai jego wadda ita ciwon zuciyar masu jegon ne da gaske, kuma na tara ɗalibai a tsakanin gadajen biyu bayan na nemi izinin matan. Na sa kowane ɗalibi ya ɗora yatsa a kan jijiyar wuya yayin da yake saurare. A maƙwabciyar, ƙarar tana zuwa tare da bugun da yatsa ke ji, huci ne da ke tafiya hammata, ana jin sa da faffaɗan ɓangaren abin sauraren ko tana zaune, kuma yana ƙaruwa idan ta damƙe hannu da ƙarfi. Tsinin zuciyarta ya gusa ƙasa da gefe, akwai kuma ƙarin sauti na uku bayan biyun da aka saba ji. Marafen bawul ɗinta lafiyarsu ƙalau, ɗakin ƙasa ne ya buɗe har ya janye su daga juna. A tamu kuwa ƙarar tana zuwa ne bayan bugun ya wuce yatsa. Wata ɗaliba ta ce: "Malam, ai ta maƙwabciyar ta fi ƙarfi, ita ce ta fi tsanani ke nan?" Na amsa mata cewa a tsukewa tsawon rugugin da kusancin ɗan ƙas ɗin ne ke nuna tsanani, kuma mafi munin tsukewa wani lokaci da ƙyar ake jin ta.

A yoyo mai daɗewa jinin yana kai-komo ne. Idan ɗakin ƙasa ya fitar da mililita 120, sittin suka tafi jiki sittin suka koma sama, to a bugu na gaba sittin ɗin za su dawo tare da sabon jinin huhu, ɗakunan biyu duka suna ɗaukar kaya fiye da kima. Ɗakin sama yana miƙewa a hankali kamar salka, yana karɓar jinin ba tare da matsinsa ya hau sosai ba, shi ya sa mai yoyo kan yi shekaru ba ya haki, shi ya sa kuma ɗakunan sama mafi girma da ake gani galibi na masu yoyo ne ko masu lahanin biyu a haɗe. Wanda ke gajiya a ƙarshe shi ne ɗakin ƙasa. Sassauta jijiyoyin jiki yana sauƙaƙa wa jini hanyar gaba ya rage mai komawa baya, kuma wannan ne dalilin da ya sa ciki, wanda ke sassauta jijiyoyi da kansa, ya fi zuwa da sauƙi ga mai yoyo. Maganin da ya dace da maƙwabciyar shi aka ba tamu a can, ita kuwa jinin da ke wuce ƙofarta ba ya ƙaruwa don an sassauta gaba, hawan jininta ne kawai ya faɗi.

## Yulin 2022 zuwa Fabrairun 2023: gudan jini

An fara mata wafarin, maganin hana jini daskarewa, tun ranar da aka ga rikicewar bugun, bayan an tabbatar mata da mahaifiyarta cewa ba ya hana shayarwa. Marafenta ba su yi tauri ba kuma yoyon kaɗan ne, don haka ta dace da buɗe bawul da balan-balan da ake zurawa ta jijiya a kan waya har cikin zuciya, dabarar da likitan nan ɗan Japan, Kanji Inoue, ya fara a farkon shekarun 1980. Amma da aka yi mata eko ta maƙogwaro a Yuli, sai aka ga jini yana juyawa a hankali cikin ɗakin sama kamar hayaƙi, da gudan jini a cikin 'yar aljihun da ke jikin ɗakin. A tsukewa jini yana kwanciya a bayan ƙofa, idan karkarwa ta ƙaru a kai sai ya daskare, gudan kuma yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. A yoyo feshin da ke komawa baya yana wanke ɗakin a kowane bugu, saboda haka gudan bai cika samuwa kamar haka ba, ko da yake mai karkarwa a cikinsu ma yana buƙatar kariya. Da gudan a ciki ba a shigar da waya ɗakin, ba a kuma yunƙurin daidaita bugun.

Wata ukun farko ba su yi amfani ba. Ana so awon INR, gwajin jinin da ke nuna ƙarfin aikin wafarin, ya zauna tsakanin 2 da 3, nata kuwa ya yi ta yawo daga 1.3 zuwa 1.7, saboda tsallake ƙwayoyi da wahalar zuwa gwaji, da kuma kwaɗon zogale da takan ci da yawa mako guda ta bari mako biyu. A Oktoba gudan yana nan. Mijinta ya tambaya ko za a sauya mata sababbin ƙwayoyin da ba sa buƙatar gwaji, muka ƙi, domin babban binciken da aka wallafa a 2022 a kan masu irin ciwonta ya nuna wafarin ya fi ribarosaban, ɗaya daga cikin sababbin ƙwayoyin, kare rai. Aka mayar da shan maganin bayan sallar isha'i kullum a gaban mijin, gwaji duk mako biyu, ganye kuma ta ci daidai gwargwado ba tare da yawan canji ba. A Fabrairun 2023 gudan ya narke.

## Mayun 2023: balan-balan da dawowar yoyo

An yi aikin a wata cibiya a wajen jihar bayan dangi sun haɗa kuɗi. Kafin a hura, matsakaicin matsin ɗakin sama milimita 24 ne. An hura balan-balan ɗin mataki-mataki ana duba eko bayan kowane, domin manufar ita ce a raba kusurwoyin da suka manne ba tare da marfi ya yage ba. Bayan hurawa ta uku ƙofar ta kai 1.8, matsin ya sauko 13, amma yoyo ya ƙaru daga ɗan kaɗan zuwa matsakaici, sai aka tsaya.

Abin da ake gudu shi ne yoyo mai tsanani na farat ɗaya. Ɗakin saman da ya saba da matsi yana da kauri, bai koyi miƙewa don karɓar feshi ba, idan marfi ya yage matsinsa yana tashi nan take, huhu ya cika cikin sa'o'i, ƙarar kuma takan zama gajeriya mai sanyi domin matsin ɗakunan biyu yana saurin kusantar juna. Irin wannan sai tiyatar gaggawa. Nata bai kai can ba.

Da ta dawo Kano na saurare ta. Rugugin ya gajarce, ɗan ƙas ɗin ya ja baya daga sauti na biyu, ga kuma huci mai sanyi tare da bugun wuya yana tafiya hammata, irin wanda aka rubuta a katin 2008.

## 2024 zuwa 2025: bibiya

A Yunin 2025 faɗin ƙofar 1.7 ne, yoyon yana nan matsakaici, ɗakin sama santimita 5.0, bugun bai koma tsari ba amma yana tsakanin 70 da 85. Tana hawa bene, ta koma kan kekenta. Tana kan wafarin da metofurolol da allurar wata-wata, tana kuma tazarar haihuwa bisa shawarar da aka yi da mijinta, tunda wafarin yana iya cutar da ɗan tayi a farkon ciki. Yanzu ido yana kan ɗakin ƙasa ma. A yoyo awon matsawarsa, wato kason jinin da yake fitarwa a kowane bugu, yana yaudara, saboda wani ɓangare na jinin yana fita ne ta hanya mai sauƙi ta baya, don haka idan yoyon ya tsananta kuma awon ya sauko kashi 60 cikin ɗari, ko faɗin ɗakin a ƙarshen matsawa ya kai santimita 4, lokacin tiyata ya yi ko da ba ta haki. Nata kashi 64 ne da santimita 3.2.

## Hukunci

Sau biyu aka yi mata magani a kan ciwon da ba nata ba, kuma a duka biyun abin da ya ɓace shi ne sanin lokacin da ƙarar ke zuwa. Ban ga laifin wanda bai ji rugugin a bugu 118 ba, ni ma ban ji shi da farko ba. Amma sauti na farko mai ƙarfi, da tsinin zuciya da bai gusa ba, a jikin mai ciki da ke haki ba ta taɓa yin asma ba, sun isa a kwantar da ita a gefen hagu kafin a miƙa mata salbutamol, sun kuma isa a yi shakkar ciwon zuciyar masu jego, wanda ke buɗe ɗakin ƙasa. Abin da ya cece ta a Janairu rage gudun zuciya ne, shaida kuwa ita ce matsin ya sauko daga 17 zuwa 9 ba tare da ƙofar ta ƙaru ba.

Tsayawa a 1.8 daidai ne a ganina, domin matsakaicin yoyo a kan ƙofar da ta buɗe abu ne da zuciyarta za ta iya ɗauka shekaru, yagaggen marfi kuwa da ya kai ta ga bawul na ƙarfe a gaggauce. Abin da aikin bai gyara ba shi ne ɗakin sama. Matsinsa ya sauka amma faɗinsa da tabonsa suna nan, karkarwar ta zauna, kuma da an gano tsukewar a cikin 2018, da akwai kyakkyawan zaton a buɗe bawul ɗin kafin bugun ya rikice. Inda na fi jin takaici shi ne 2011, lokacin da ƙarar ta riga ta ragu kuma allurar wata-wata ce kawai ake nema. Ɗanta na fari ya yi ciwon maƙogwaro daga baya, ta kawo shi a rana ta biyu aka ba shi fenisilin, kuma na saurari ƙirjinsa ban ji komai ba.